Tumatirin minti 25 ya kusa haukata ni a ƙarshen wata

Sadiq Akawu: Salam jama'a. Don Allah masu amfani da tsarin nan na Pomodoro ku zo ku warware min wani abu. Wata biyu kenan ina binsa, minti 25 aiki minti 5 hutu, in na yi huɗu sai in yi dogon hutu. A karatun jarrabawar ICAN ta ƙwararrun akantoci da nake yi da daddare wallahi ya taimake ni, ni da a da in na buɗe littafi ko shafi biyu ba na kaiwa sai na tsinci kaina a TikTok. Amma jiya a wurin aiki, shagon sari ne a nan wajen kasuwar Terminus a Jos, ina haɗa lissafin wata tsakanin takardar banki da littafin kuɗinmu, akwai bambancin ₦41,800 da ya ƙi fitowa. Na zauna tun ƙarfe tara, duk lokacin da na fara jin ƙanshin inda matsalar take sai taima ta yi ƙara, in tashi in sha ruwa in leƙa waya, in na dawo sai in ga kamar wani ne ya yi aikin ba ni ba, in sake farowa daga sama. Tumatir takwas na ƙona har azahar ta wuce ban gano komai ba. Ni ne ban iya ba ko tsarin ne bai dace da irin wannan aikin ba?

Ɗan Farin Gada: Tumatir takwas kacal kake wa wannan kukan? Zo Farin Gada da asuba ka ga yadda kwando guda ke ruɓewa in mota ta makara. Wai ma me ya haɗa akawu da tumatir, ko shagon naku ya fara sarin kayan gwari ne mu san muna da abokan hamayya

Nanret: Hhhh Alhaji ba tumatirin miya ba ne. Pomodoro sunan tumatir ne da Italiyanci. Wani ɗalibi ne ɗan Italiya, Francesco Cirillo, wajen ƙarshen shekarun 1980 karatu ya gagare shi sai ya ɗauko agogon kicin ɗin nan da ake murɗawa in an ɗora girki, nasa siffar tumatir gare shi, shi ke nan suna ya bi tsarin.

Ɗan Farin Gada: Au to. Ashe har turawa sun san darajar kayanmu. Ku ci gaba ina jinku.

Bash Koda: Sadiq ka jefar da abin nan kawai. Na sha faɗa a gidan nan, Pomodoro na masu haddar jarrabawa ne, ba na mai aikin ƙwaƙwalwa ba. Ni in ina neman matsala a cikin kod waya ma a wani ɗaki nake barinta. Kimiyya ta riga ta gama magana, ƙwaƙwalwar mutum minti 90 take aiki sannan ta huta, duk wani abu ƙasa da haka wasan yara ne.

Anti Malama: Bash sannu da yanke hukunci. Rabin maganarka gaskiya ce, rabin kuma ka yi mata ƙari. Zagayen minti 90 ɗin nan a binciken barci aka fi tabbatar da shi, ɗauko shi a ce dole haka kowa yake a kan tebur da rana, wannan ba abin da za ka ce an gama magana a kai ba ne. Shi ma 25 ɗin ba wahayi ba ne, abin da ya yi wa Cirillo daidai ne bayan gwaje-gwajensa. Sadiq ƙanina, kafin in ce komai amsa min abu biyu. Na farko, in ka zauna a kan lissafin nan minti nawa kake ɗauka kafin komai ya hau kanka, wato ka tuna wane kwastoma ne ke biya da asusun matarsa, wane kuɗin POS ne ke shigowa washegari a dunƙule? Na biyu, a minti biyar ɗin hutun me kake yi takamaimai, kar ka ɓoye min.

Sadiq Akawu: Anti gaskiya na farkon zai kai minti 15. Layukan takardar bankin sun haura 600, kuma kamar kin sani, muna da mutum uku da ba sa turo kuɗi da sunansu, ɗaya ma sunan shagon ƙaninsa ne ke fitowa, ga kuɗin POS da ke shigowa dunƙule bayan an cire caji, to sai na jera duk wannan a kaina tukuna nake iya kallon layi in san ko ya yi daidai. Na biyun kuma... WhatsApp ne. Wani lokaci in sauka wajen mai shayi saboda sanyin nan. Biyar ɗin takan zama sha biyar ban ƙi ba.

Anti Malama: Yawwa ka ga ka ba kanka amsa. Tunda kai akawu ne bari mu yi da lissafi. Kana buƙatar minti 15 ka ɗora kaya a kanka, taima kuma na sauke maka su a minti 25. Kenan a kowane tumatir minti 10 ne kawai kake ainihin farauta. Takwas ɗin da ka ƙona, awa huɗu kenan da hutunsu, aikin gaske a ciki minti 80 ne, kuma ba 80 a jere ba, goma-goma ne a yayyanke, alhali irin kuskuren da kake nema yana iya buƙatar ka bi zare ɗaya na minti 30 ba ka sake shi ba. Da zama ɗaya ka yi na awa ɗaya da rabi, 15 ta tafi a ɗora kaya, 75 ta rage maka a dunƙule. Kusan abin da ka samu a awa huɗu kenan. Kamar ɗan dako ne a Terminus da za a ce duk taku ashirin sai ya sauke buhu ya sake ɗauka, ai ba tafiyar ce za ta gajiyar da shi ba, ɗaukar ce.

Amma karatunka na dare wani abu ne daban. Tambayoyin baya kake yi ko? Kowace tambaya da kanta take tsaye, ka gama ta ka wuce, ba wani kaya mai nauyi da za ka riƙe daga ta farko zuwa ta goma. Matsalarka a can farawa ce da kuma hannunka da ke zuwa waya, taima kuma maganin waɗannan biyun ce, don zuciya tana yarda da "minti 25 ne kawai" ko da ta ƙi yarda da "yau sai na gama babi". Shi ya sa ya yi maka aiki a can ya cuce ka a nan.

Bash Koda: To ai abin da na faɗa kenan Anti, kin dai sa masa lissafi ne

Anti Malama: A'a ba shi ka faɗa ba. Kai ka ce ya jefar. Ni cewa nake aikin nasa na jiya ma kashi biyu ne ya haɗe su wuri ɗaya. Akwai bin layi ɗaya-ɗaya ana sa alama, wannan ya shigo wannan ya shigo, aiki ne mai gundura wanda ido ke gajiya ya fara tsallake layi ba ka sani ba, a nan hutun kowane minti 25 alheri ne, har kuskure yake ragewa. Sannan akwai zama da ragowar da suka ƙi haɗuwa kana tunanin me ya faru, wannan ne ba ya son a katse shi. Ni ma haka nake, makin takardun ɗalibai da taima nake yi, in ba haka ba daga takarda ta talatin sai in fara jin haushin rubutun yara in rage musu maki ba laifinsu. Amma in ina rubuta takardar bincike ba na kunna komai.

Maman Iman: Ni dai ina karanta ku ina dariya. Wai minti 90 ba katsewa. A gidan da ke da yara uku da kwastomomin ɗinki masu ƙwanƙwasa ƙofa ba sallama? Ni minti 25 ɗin ma gata ne. Ina karatun digiri daga gida, kuma wallahi ba don tsarin nan ba da na ajiye tuntuni, don da ina jiran sai na samu awa biyu shiru wanda ba ya zuwa sai sati ya wuce ban buɗe littafi ba. Yanzu in na ɗora wake na san ina da tumatir biyu kafin ya nuna. Abin da ban gane ba shi ne dokar da aka ce in an katse ka to wannan zagayen ya lalace sai ka sake daga farko. In na bi wannan ai ni ban taɓa yin ko ɗaya ba a rayuwata.

Nanret: Dokar tana nan da gaske Maman Iman, a tsarin asali ba a raba tumatir, babu rabi babu kwata, in aka katse ka da gaske ka soke shi. Amma Cirillo ya bada hanyar kare shi ai, in wani ya zo ka ce masa kana tsakiyar abu, ku yi alkawarin lokacin da za ka neme shi, ka rubuta, sannan ka cika alkawarin. In kuma daga cikin kanka ne abin ya taso, kamar ka tuna ba ka sayi kati ba, sai ka ɗan sa alama a takarda ka rubuta shi a gefe ka ci gaba.

Maman Iman: Nanret je ki gaya wa yaro ɗan shekara biyu da ya zubar da manja cewa za ki neme shi nan da minti goma sha biyu

Nanret: Hhhhh na sallama. Wannan Cirillo bai san da shi ba.

Anti Malama: Maman Iman ki bar sokewar nan, amfaninta dama mutum ya ƙirga sau nawa ake katse shi ya ga gaskiyar ranarsa, ke kuwa kin riga kin sani. Abin da zai fi miki amfani, kuma shi ne zan ba Sadiq, shi ne ɗan rubutun ajiye zare. Akwai wata mai bincike Sophie Leroy, a 2009 ta fitar da aiki kan yadda in mutum ya bar aiki bai gama ba ya koma wani, wani sashe na hankalinsa ke maƙalewa a na farkon, sai na biyun ya samu ragowa. Daga baya ita da abokiyar aikinta suka nuna cewa in mutum ya ɗan rubuta inda ya tsaya da abin da zai yi in ya dawo, hankalin ya fi sakin aikin ya kama na gabansa. Ni abin da na ƙara gani a kaina, rubutun yana rage min wahalar dawowa ma. Ba dogon abu ba, layi biyu. Misali kai Sadiq kafin ka tashi ka rubuta: ina layi na 312, ina zargin kuɗin ranar 14 ya shigo kashi biyu, abu na gaba in duba ranar 15. In ka dawo ba sai ka sake minti 15 ba, wataƙila uku ta isa.

Sannan WhatsApp ɗin nan ba hutu ba ne. Ka sauke lissafi ka ɗora rigimar gidan 'yan ajinku da hoton ɗaurin aure da saƙon mai bin ka bashi, ka dawo da su duka a kai. In ka tashi ka miƙe ka leƙa taga ko ka yi alwala, lissafin yana nan yana juyawa a bayan kanka, wani lokaci ma a nan amsar ke faɗowa. Waya kuwa share allon take yi.

Bash Koda: Wannan na rubutun na yarda da shi ɗari bisa ɗari, ni ma kafin in tashi ina barin layi ɗaya a cikin fayil ɗin in ce ga inda nake zargi. Amma har yanzu ina kan bakana a kan ƙarar. Matsalar ba tsawon lokacin ba ce kawai, sanin cewa abu zai yi ƙara ne. Ni in na san taima na tafiya sai in riƙa leƙenta, saura bakwai, saura huɗu, kuma in na ga saura huɗu ba zan fara bin wani sabon zare ba sai in zauna ina gyara ƙananan abubuwa ina jiran ta buga. Kenan ba 15 ɗin farko kaɗai ka rasa ba har da na ƙarshen.

Anti Malama: Wannan kuma ka kawo magana, ban sa ta a lissafina ba. Akwai masu hakan sosai. Amma akwai kishiyarku, waɗanda in ba agogo sai su nutse awa uku a kan hanyar da ba ta ɓullewa, suna jin daɗin nutsewar suna zaton aiki suke. Kai sau nawa ne ka kwana kana bin matsala, da safe ka gano a minti biyar?

Bash Koda: ...ya faru. Ba sau ɗaya ba. Amma wannan barci ne ya gyara ba tumatir ba.

Malam Ɗanjuma: Ku yi haƙuri in sa baki, ni tsohon akawu ne na yi ritaya, ban san wannan tumatir ɗin ba sai yau. Sadiq ɗana, bar maganar agogo tukuna. Ka cire cajin banki kafin ka fara farauta? Kuɗin saƙon alat, cajin kula da asusu, cajin tura kuɗi, duk waɗanda banki ke cira ku ba ku rubuta a littafi ba. Ka tattara su gefe guda ka shigar, sannan ka ga nawa bambancin ya koma. In abin da ya rage yana rabuwa da 9 ba saura, to ka fara zargin an juya lamba wajen rubutu, irin a rubuta 27 maimakon 72. Mu a zamaninmu da wannan muke fara gwadawa. Lokacinmu kuma salla ce ke raba mana, daga safe zuwa azahar, daga azahar zuwa la'asar, ba mai ƙara sai ladan.

Sadiq Akawu: Baba na gode, ranka ya daɗe. Na gwada na 9 ɗin jiya a kan 41,800 bai rabu ba shi ya sa na watsar, amma gaskiya ban cire caji ba tukuna, na bar shi sai ƙarshe. Gobe in sha Allahu zan yi yadda kuka ce, bin layi da taima, farauta ba taima, waya a cikin durowa.

Ɗan Farin Gada: Ni fa har yanzu ina nan. Tambayata, in ina lissafin bashin dillalai da yamma wanne zan yi, mai ƙara ko mara ƙara? Don ni matsalata ba waya ba ce barci ne

Nanret: Alhaji kai da ka tashi tun ƙarfe huɗu ai ba taima kake buƙata ba, katifa ce

Sadiq Akawu: Jama'a na dawo da rahoto. Na shigo bakwai da rabi kafin oga da yaran shago. Na fara da bin layi, tumatir uku, a hutun ban taɓa waya ba sai dai in zaga cikin sito in dawo, kuma abin mamaki na kama layi biyu da shekaranjiya na sa musu alama alhali ban duba su da kyau ba. Na tattara cajin banki suka kama ₦3,200. Da na shigar da su a littafi sai bambancin ya ƙaru maimakon ya ragu, ya koma ₦45,000 cif, da farko har gabana ya faɗi, sai na tuna maganar Baba na buga wannan a Excel

```
=MOD(45000,9)
```

ya ba ni 0, wato ya rabu da 9 ba saura. Daga nan na kashe taima na rubuta a takarda abin da nake nema, kuɗin da ya shigo banki da yawa amma aka rubuta shi kaɗan a littafi. Wajen minti 40 ina bin rasit ɗin sati na biyu, sai ga shi, wani kwastoma ya turo ₦72,000 yaron da ke rubutu ya sa ₦27,000, kuma da sunan shagon ƙaninsa kuɗin ya shigo shi ya sa ido ke wucewa. Abin da na lura, wajen minti na 25 ina tsakiyar haɗa sunan da rasit ɗin ne, da taima na kunne daidai nan za ta tashe ni.

Malam Ɗanjuma: Madalla. Har lambobin da na ba da misali ne ma. Ka ja wa yaron kunne a hankali, kowa ya taɓa yi.

Bash Koda: Kun gani ko. Ba taima aka gano.

Maman Iman: Bash ka karanta da kyau mana, tumatir uku ya fara yi kafin nan, kuma dabarar Baba ce ta nuna masa inda zai duba. Kowa dai na jan bargon zuwa gefensa.

Anti Malama: Ni ma ba zan ce lissafina ne ya yi ba, abu uku ya canza rana ɗaya, ga safiya ba hayaniya, ga waya a durowa, ga cire caji, ba ka isa ka ce wanne ne ya fi ba. Sadiq ka gwada wata mai zuwa mu gani. Kuma a karatun dare ka lura, in ka kai tambayoyin haɗa rahoton kuɗi na rukunin kamfanoni, waɗanda ɗaya ke cin fiye da rabin awa, za ka ci karo da irin wannan matsalar, sai ka ja taimar zuwa 45 ko 50 ka huta 10.

Sadiq Akawu: To Anti. Sai dai akwai wata sabuwa, oga ya kira ni sau huɗu wayar na durowa, ya shigo yana faɗa wai ya zaci ban zo ba. Na yi masa bayanin ina buƙatar awa ɗaya da rabi ba kira a ƙarshen wata, ya kalle ni ya ce shi da ke biyan albashi ba a taɓa ce masa ya jira agogo ba. Nanret wannan dabarar taki ta "zan neme ka an jima" akwai wanda ya taɓa gwada ta a kan oga ya ci gaba da aikinsa?

Nanret: Ni dai a kan ƙawayena kawai na gwada